Cincin Ya Sauka: Yadda Ɗalibai Ke Rubuta Tallan Kayan Ƙwalama A Waya

Duk wanda yake da ɗa ko ƙanwa a jami'a, in ya leƙa sitatus ɗinsu na WhatsApp, da wuya ya rasa ganin hoton cincin, ko gullisuwa, ko sambusa, ko gorar zoɓo mai raɓa a jiki, da ɗan rubutu a ƙasa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ɗalibai da dama da wannan sana'a suke sayen takardun karatu, su sa data, su rage wa iyaye nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, abin da ake aiko wa ɗalibi daga gida bai cika kai shi ƙarshen wata ba.

Mai wannan sana'a ba ta da shago, ba ta da allo, ba ta da yaron da zai zaga mata da faranti. Abin da take da shi hoto ne guda da layi uku ko huɗu na rubutu. Hoton shi ke tsayar da ido, amma rubutun ne ke sa mutum ya taɓa waya ya ce a ajiye masa biyu. Mutane kan ɗauka rubutun wasa ne, tunda da muryar wasa ake yin sa. Gaskiyar magana, wanda ya yi kyau aiki biyu yake yi lokaci guda: yana magana kamar aboki, yana kuma ba da bayani cikakke, yadda mai saye ba zai buƙaci yin wata tambaya ba.

Daƙiƙun da ake da su

Kafin a zo ga kalmomi, sai an san filin da za a zuba su. WhatsApp ya fito da sitatus irin na yanzu a watan Fabrairun 2017, kuma abin da aka ɗora yana ɓacewa bayan awa 24. Hoto yana tsayawa a fuskar waya 'yan daƙiƙu ne kawai, sai ya wuce zuwa na gaba, in ba mai kallo ya danne shi da yatsa ba. Idan rubutun ƙasan hoton ya yi tsawo, farkonsa ne ke bayyana, sauran sai an taɓa. Ga shi mai kallon yana tafiya ne zuwa lakca, ko yana zaune a bayan aji yana satar duba waya.

Wannan ya sa layin farko ya fi kowane tsada. Ɗaliba da yawa kan ɓata shi a kan doguwar gaisuwa: sallama, barka da safiya, fatan an tashi lafiya, ya karatu, ya ƙoƙari. Gaisuwa tarbiyyarmu ce, ba wanda zai ce a bar ta, amma muhallinta shi ne lokacin da mai saye ya yi magana. A sitatus, kalma ɗaya ko biyu ta wadatar: "Mutanena", ko "'Yan uwa", ko "'Yan ajinmu", sai a faɗi abin da ya kawo mutum.

Akwai wani abu kuma da masu farawa ba su cika lura da shi ba. Sitatus ba ya zuwa ga kowa. Sai wanda ya adana lambarki kuma kika adana tasa zai gani. Saboda haka ɗaliba mai lamba hamsin a waya, kasuwarta mutum hamsin ce, ko da rubutunta ya fi na kowa daɗi. Shi ya sa waɗanda suka goge suke manna lambarsu a jikin leda, kuma duk wanda ya saya sau ɗaya sai su ce masa ya adana, su ma su adana tasa nan take.

Tambayoyi huɗu

A ƙaddara wata ɗaliba ce 'yar aji biyu a Samaru, tana zaune a ɗakunan kwanan mata na Amina, tana kawo cincin da take soyawa a gidan yayarta a ƙarshen mako. Ga rubutunta na farko:

"Assalamu alaikum 'yan uwa masu albarka, barkanmu da warhaka. Muna sayar da cincin mai daɗi da inganci a farashi mai rahusa. Mai buƙata ya yi magana. Sai kun zo."

Babu laifi a ladabin wannan rubutu, amma ba zai sayar da kaya ba. Muryarsa ta sanarwar rediyo ce, ba ta yarinyar da aka zauna da ita a lakca ɗazu ba. "Muna sayarwa" ya sa ta zama kamfani, alhali ƙarfinta shi ne an san ta. "Daɗi da inganci" kowa haka yake cewa, don haka bai gaya wa kowa komai ba. Mafi muni, bai amsa tambayoyin da ke zuciyar mai jin yunwa ba: mene ne, nawa ne, a ina zan samu, zuwa yaushe? Ga yadda zai koma idan aka gyara:

"Mutanena, cincin ya sauka! Na madara ne, suyar jiya Lahadi, yana ƙaras-ƙaras.
Leda ₦300.
Ina bakin ƙofar Amina yau Litinin, daga 4 zuwa 6 na yamma.
Leda 40 ne kawai, a yi magana in ajiye. Kar a ba ka labari."

Tsawonsu kusan ɗaya ne, amma na biyun ya gama ciniki kafin a fara shi. Ya faɗi irin cincin ɗin, ya faɗi ranar suya, ya sa kuɗi a layinsa shi kaɗai yadda ido zai cafke shi, ya faɗi wuri da lokaci, ya kuma gaya wa mai kallo abin da zai yi.

A lura da sunan ranar. Tunda sitatus yana kwana, wanda aka ɗora da yammacin Litinin yana nan har yammacin Talata. In aka rubuta "yau" kawai, wani zai gani washegari, ya taka har ƙofar ya tarar ba kowa, ya koma da haushi. Ƙara "Litinin" ya kashe wannan matsala. Haka nan idan kaya suka ƙare, a goge tallan ko a ɗora wani a ce sun ƙare, an gode, sai Alhamis.

Batun ɓoye farashi shi ne kuskuren da ya fi yawa. Wasu na ganin in sun ce a zo ta akwatin saƙo a ji kuɗi, hira za ta ƙullu. A kan atamfa ko turare wataƙila hakan ya yi aiki, domin akwai tayi da albarka. A kan kayan ɗari uku kuwa ba ya yi. Ɗalibin da ₦500 ce ta rage masa yana jin nauyin ya tambaya, a faɗa masa, sannan ya ce ba zai iya ba, musamman ga 'yar ajinsu da za su haɗu gobe. Gara ya wuce shiru. Farashi a fili yana tsare masa mutunci, ita kuma ya hutar da ita amsa "nawa ne?" sau ashirin tana tsakiyar lakca.

Inda muryar take fitowa

Muryar ƙuruciya ba a tara kalmomin yayi take ba. Tana fitowa ne daga sanin halin da masu saye ke ciki a wannan makon, a kuma faɗe shi da raha. Mai tallan ɗaliba ce, ta san ranar da aka yi lakcar ƙarfe takwas ba karin kumallo, ta san makon da gwaji ya haɗu uku, ta san lokacin da aljihu ke yin sanyi. Babu kamfanin biskit da ya san wannan kamar ita. Ga misalin lokacin jarrabawa:

"Masu karatun dare, ido na littafi, ciki na ƙugi? Gullisuwa na nan, biyar ₦200. Ina ɗakin karatu har 10 na daren yau Laraba."

Ga na ƙarshen wata:

"Na san wata ya yi nisa. Na ƙulla ƙaramar leda ta ₦150, kowa ya samu ya taɓa."

Na biyun ya nuna tausayi ba tare da ya kunyata kowa ba, domin ta sa kanta cikin masu jin nisan watan. Wannan ita ce iyakar da ke tsakanin raha da cin fuska. Za a iya tsokanar 'yan likitanci da rashin barci, ko 'yan injiniya da yawon zane a hammata, ko Bakano ya taɓa Bazazzagi yadda aka saba wasa tun kaka da kakanni. Amma ba a wasa da ƙibar mutum, ko talaucinsa, ko addininsa, ko faɗuwarsa jarrabawa. Jami'a irin ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana tara ɗalibai daga kowane sashe na Najeriya, kuma sitatus ɗaya kowa ke gani. Saboda wannan cakuɗuwar ne ma da yawa ke yin Ingausa, ko su ƙara layi guda da Turanci ko Buroka a ƙasa. Hakan dabara ce mai kyau, muddin kuɗi da wuri da lokaci sun fito da lambobi da sunaye, waɗanda kowa zai gane ko ba ya jin Hausa.

Wajen siffanta kaya, kalmar da harshe ko haƙori zai ji ta fi kalmar yabo. Cincin mai ƙaras-ƙaras, alkaki ya sha zuma, sambusa da zafinta, tuwon madara mai narkewa a baki, zoɓo mai citta da kanumfari ya yi sanyi ƙarara. Guda ɗaya ta isa a kowane talla. In aka jera biyar, sai su kashe juna. Haka ƴan hotunan nan na dariya da wuta da zuciya: ɗaya ko biyu suna sa rubutu ya saki jiki, goma kuwa suna binne farashi.

Rantsuwa ma a yi hattara da ita. Bakinmu ya saba da "wallahi", har yana fita ba a sani ba, amma a ciniki addini ya yi gargaɗi a kan yawan rantsuwa don kaya su shige. Ko ta fuskar kasuwa, mai rantsuwa kullum a kan cincin ɗin ɗari uku yana sa a fara tunanin me yake ɓoyewa.

Sannan akwai bambancin wuri. Abin da ya dace da sitatus ba lallai ya dace da guruf ɗin aji ba, inda ake sanar da sauyin lakca, wani lokaci ma da malami a ciki. A can sai an nemi izinin shugaban aji, a yi gajere, a rage wasa, kuma kada ya wuce sau ɗaya a ranar da aka amince. In mai saye babba ne, malama ko ma'aikaciyar ofis, amsar ma sai ta sauya: "Ranki ya daɗe, guda nawa za a kawo?" ba irin "ƙawata, nawa zan ajiye miki?" ba.

Kowace kalma tana da kuɗinta

Nan ne wasa yake ƙarewa. Duk abin da aka rubuta a talla alkawari ne, kuma wasu alkawuran suna cinye riba ba a ankara ba. Mu koma ga ɗalibarmu, mu ƙaddara lissafinta, tunda farashin kasuwa yana sauyawa kullum. A ce fulawa da sukari da bota da madara da ƙwai da man suya da gas da leda da kuɗin motar kawowa sun tashi ₦9,000, ta samu leda 40. Kowace leda ta tsaya mata ₦225. In ta sayar a ₦300, za ta haɗa ₦12,000, ribarta ₦3,000, wato ₦75 a kowace leda.

Sai wata rana ta ga kasuwa ta yi sanyi, ta rubuta: "Garaɓasa! Biyu ₦500." Rubutun ya yi daɗi a kunne, kuma kaya za su tashi da wuri, domin kusan kowa biyu zai ɗauka. Amma leda ta koma ₦250, riba ta koma ₦25. In duka 40 suka tafi a haka, ₦10,000 za ta haɗa, ribarta ₦1,000. Ragin da ya yi kama da naira hamsin kacal ya cinye kashi biyu cikin uku na wahalarta. "Sayi biyar, gyara ɗaya" ma lissafin ɗaya ne: leda shida a ₦1,500, kowace ₦250 ke nan. In tana son yin gyara ba tare da ta cuci kanta ba, "sayi goma, gyara ɗaya" ya fi: leda 11 a ₦3,000, sun tsaya mata ₦2,475, ta tsira da ₦525, kuma ya sa 'yan ɗaki ɗaya su haɗa kuɗi su saya tare.

"Ana kaiwa har inda kake" wani tarkon ne. Harabar Samaru tana da faɗi, a Bayero kuma tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa sai an hau mota. In ta biya ₦200 na abin hawa don kai leda biyu masu ribar ₦150, ta yi aikin banza har da cikon ₦50 daga aljihunta, ga lakcar da ta rasa. Maganin yana cikin rubutun: a sa wuri ɗaya da lokaci ɗaya na karɓa, sannan a ce ana kaiwa daga leda goma zuwa sama, ko mai saye ya biya kuɗin kaiwa.

Sai bashi. Muryar abota tana jawo masu saye, ita ce kuma ke jawo "ba ni biyu, zan turo anjima". Hana aboki bashi ido da ido yana da wuya, don haka gara talla ya riga ya faɗa da fara'a: "Kuɗi hannu ko tiransifa, bashi ya tafi hutu." Da yake kowa aka gaya wa, ba wanda zai ce da shi ake. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare har a ƙananan ciniki, ta banki ko ta manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Abin kiyayewa shi ne hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Sai ta buɗe asusunta ta ga shigar kuɗin kafin ta miƙa kaya masu yawa.

Gaskiya a ƙaramar kasuwa

Mai talla a tasha yana iya sayar wa matafiyi abin da ya kwana, ba za su sake haɗuwa ba. Ɗaliba kuwa da masu sayenta za ta zauna shekara huɗu ko biyar, kuma labari a ɗakunan kwana ba ya buƙatar data. In ta rubuta "suyar yau" alhali ta shekaranjiya ce, baki zai gane. Cincin da gullisuwa suna jure kwanaki in an rufe su da kyau, don haka faɗin ranar suya ba ya rage musu daraja. Sambusa mai nama da kunun aya kuwa ba sa jira. Kunun aya yana saurin tsami in babu sanyi, musamman a zafin Maris da Afrilu, ga wuta ba tabbas. Irin waɗannan gara a yi musu tallan oda tun daren jiya: "Kunun aya gobe Juma'a, gora 15 kawai zan yi, mai so ya faɗa kafin 9 na dare." Ta san adadin da za ta yi, ba asara, ba kuma wanda zai sha abin da zai ɓata masa ciki.

Hoton ma ya zama na kayanta, a ledar da za ta miƙa, ba wanda aka ɗauko a intanet ba. "Saura biyar" kuma a faɗe shi ranar da biyar ɗin suka rage da gaske. Wadda ke cewa saura biyar kullum, cikin mako biyu za a daina gaskata ta, har ranar da take da gaskiya. Idan akwai gyaɗa ko madara ko ƙwai a cikin kayan da ba a zata ba, a rubuta, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsu, kuma ga wasu abin yakan kai ga asibiti.

Wasu abubuwan kuma ba a sa su a talla ko kaɗan. Lambar ɗaki tana cikinsu, musamman ga mata, domin ana ɗaukar hoton sitatus a tura inda mai shi ba ta sani ba. Bakin ƙofa, ko gaban sashe, ko wani wuri mai jama'a ya fi. Hoton saƙon yabo daga mai saye talla ne mai ƙarfi, amma a nemi izininsa, a kuma rufe suna da lamba. Kuma tunda makarantu suna da dokokinsu a kan girki da kasuwanci a ɗakunan kwana, ya kamata a san abin da aka yarda da shi kafin a shelanta wa duniya.

Yadda ake gane inda matsala take

Sitatus yana nuna waɗanda suka kalla, ban da masu kashe alamar karantawa. Wannan ɗan lissafi ya isa ya nuna ciwon. In masu kallo kaɗan ne, matsalar ba ta rubutu ba ce: ko lambobin da aka adana sun yi kaɗan, ko an gaji da ita an toshe sitatus ɗinta, abin da yakan faru ga mai ɗora hoto goma sha biyar a jere. In masu kallo suna da yawa amma shiru, a duba farashi da lokacin ɗorawa. Tallan sambusa da tsakar dare ba ya samun kowa, na azumi kuma bayan la'asar yake ci, lokacin da ake tunanin buɗa-baki. In saƙonni suna zuwa amma duk tambaya ce, nawa ne, kina ina, akwai saura, to rubutun ne ya bar giɓi, kuma tambayar da ta fi maimaituwa ita ce layin da za a ƙara gobe. In kuwa ana saye sau ɗaya ba a dawowa, a bar waya a koma kan kasko, domin rubutu ba ya gyara cincin da ya sha mai.

Gwaji na ƙarshe kafin a ɗora mai sauƙi ne. Ta karanta rubutun a fili, ta ji ko haka za ta faɗa wa ƙawarta a hanyar zuwa aji. In ba haka ba ne, ta sassauta shi. Sannan ta tambayi kanta ko baƙon da bai taɓa ganinta ba zai iya zuwa da kuɗinsa daidai, a wurin da ya dace, a lokacin da ya dace, ba tare da ya tambayi komai ba. Ɗalibar da ta saba cika waɗannan sharuɗɗa biyu a kan ledar ₦300 ta koyi sa farashi, da cika alkawari, da yi wa mutane magana yadda za su saurara, kuma da waɗannan za ta buɗe duk kasuwancin da ta nufa bayan ta karɓi takardar digirinta.